Yadda Ake Mayar da Rubutun Lacca Zuwa Shafin Cornell

Abin da ɗalibi yake fitowa da shi daga ɗakin lacca yawanci guntayen jimloli ne da ya kama a guje, wasu an datse su a tsakiya, wasu kuma shi kansa ba zai iya karanta su ba idan aka yi mako biyu. Tsarin Cornell hanya ce ta mayar da irin wannan rubutu ya zama shafin da mutum zai riƙa yi wa kansa jarrabawa da shi. Walter Pauk ne ya tsara shi a shekarun 1950, lokacin da yake koyar da dabarun karatu a Jami'ar Cornell da ke jihar New York ta Amurka, kuma daga nan sunan ya samo asali. Ana raba shafi gida uku: babban gurbi a dama wanda ke ɗauke da bayanan lacca, siririn gurbi a hagu wanda ake rubuta tambayoyin tuni, sai kuma wani ɗan fili a ƙasan shafi inda ake taƙaita abin da shafin ya ƙunsa. Jan layukan ba ya cin minti guda. Aikin gaskiya yana cikin abin da ake rubutawa a gurbin hagu, kuma a nan ne yawancin masu gwada tsarin suke yin kuskure, don haka a nan wannan jagora zai fi daɗewa.

Jan layuka

Ma'aunin da aka saba bayarwa na takardar Amurka ne: inci biyu da rabi ga gurbin hagu, inci shida ga babban gurbi, inci biyu ga filin taƙaitawa. Takardar A4 da aka fi samu a shagunanmu faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kuma 29.7, don haka sai a auna santimita 6 daga gefen hagu a ja layi a tsaye, wanda zai bar santimita 15 ga babban gurbi. Daga ƙasa a auna santimita 5 a ja layi a kwance tun daga wannan gefe har zuwa wancan, kuma layin tsaye ya tsaya a kansa, kada ya ratsa shi. A sama a bar kamar santimita 2 domin sunan kwas, batun lacca, kwanan wata da lambar shafi. Wanda yake amfani da littafin rubutu da bai kai A4 girma ba sai ya bi kason: gurbin hagu ya ɗan gaza kashi ɗaya bisa uku na faɗin shafi, filin ƙasa kuma ya kai kamar kashi ɗaya bisa shida na tsawonsa. Jan layin da kamfani ya buga a gefen littafi bai isa ba, domin tambaya cikakkiya ba za ta shiga cikinsa ba, kuma gurbi ƙarami shi ke tilasta wa mutum rubuta kalma guda maimakon tambaya.

Wanda yake ɗaukar darasi da Larabci ko da ajami ya juya tsarin, ya sa gurbin tambayoyi a dama, domin ido ya fara cin karo da tambaya kafin amsa. Haka kuma ya fi kyau a yi rubutu a fuska ɗaya ta takarda idan da hali, saboda lokacin bita ana jera shafukan ɗaya bisa ɗaya ta yadda gurbin tambayoyi kaɗai zai leƙo. Idan tsadar takarda ta hana, babu laifi a yi amfani da fuska biyu, sai dai a haƙura da wannan jerawa.

Gyara rubutun tun da zafinsa

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Ɗalibar tarihi ta halarci lacca a kan yadda dangantaka ta lalace tsakanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da sarakunan Gobir, kuma ga abin da ta fito da shi a littafinta:

"Degel, jama'a ta yawaita. Bawa, Magami, Shehu ya ƙi kyauta, buƙatu 5: wa'azi, rawani, fursuna... Nafata ya hana abu 3. Yunfa. Hijira Gudu Fab. 1804, mubaya'a. T/Kwatto Yuni, Abdullahi. Alkalawa 1808."

A yammacin ranar da aka yi laccar, wannan rubutu yana da ma'ana a wurinta, domin muryar malamin tana nan a kunnenta tana cike gurabun da biro bai kama ba. Bayan kwana goma ba za ta tuna cewa "rawani" da ke cikin abin da Shehu ya nema yana kuma cikin abin da aka hana ba, alhali wannan shi ne jigon laccar. Saboda haka matakin farko shi ne a zauna da rubutun a ranar, ko a ƙalla kafin a shiga laccar gaba ta wannan kwas, a karanta shi daga farko zuwa ƙarshe da fensir a hannu, ana yin alama a duk inda aka bar giɓi. A rubutun ɗalibarmu akwai giɓi uku a fili: ta rubuta buƙatu biyar amma uku ta kama, ta ce Nafata ya hana abu uku ba ta faɗi ko ɗaya ba, sannan sunan Yunfa yana tsaye shi kaɗai babu abin da ya aikata. Waɗannan sai ta cike su daga rubutun abokiyar karatu, ko daga littafin da malami ya ba da shawarar a duba, ko ta tambayi malamin. Abin da ba ta samu ba ta bar masa layi biyu babu komai tare da alamar tambaya, kada ta cike shi da zato, domin zaton da aka rubuta da kyakkyawan hannu yakan rikiɗe ya zama gaskiya a idon mai shi lokacin jarrabawa.

Bayan an cike giɓi sai a mayar da bayanan cikin babban gurbi. Ba a kwafa kalma da kalma. Ana tara abin da ya shafi magana ɗaya a wuri ɗaya ko da malami ya warwatsa shi a cikin laccar, ana fara kowace magana a sabon layi, kuma ana barin layi ɗaya ko biyu tsakanin magana da magana. Wannan tazara tana da aiki: kowane dunƙulen bayani zai sami tambayarsa a daidai gefensa, kuma idan babu tazara tambayoyin za su hau juna. Shafin ɗalibarmu zai ƙare da dunƙule biyar. Na farko bunƙasar jama'ar Shehu a Degel. Na biyu ganawar da Shehu ya yi da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a Magami, inda Shehu ya ƙi karɓar dukiya ya nemi a bar shi ya kira mutane zuwa ga addini, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, kuma a sassauta wa talakawa haraji. Na uku dokokin Sarkin Gobir Nafata: babu mai wa'azi sai Shehu, wanda bai gāji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa, maza su daina naɗa rawani mata su daina lulluɓi. Na huɗu tsanantar rikici a zamanin Sarkin Gobir Yunfa har zuwa hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804 da mubaya'ar da aka yi wa Shehu. Na biyar yaƙin Tabkin Kwatto a Yunin 1804 ƙarƙashin jagorancin Abdullahi ɗan Fodiyo, da faɗuwar Alkalawa, babban birnin Gobir, a 1808.

Akwai wanda rubutunsa na aji yake da tsabta tun farko, musamman inda malami yake yin shifta. Irin wannan ba ya bukatar sake kwafa, kuma ina ganin ɓata lokaci ne ya yi hakan. Ya yanko takarda mai faɗin santimita 6 ya manna ta a gefen hagu na shafin, ko kuma ya bar shafin hagu na littafin ya zama na tambayoyi da taƙaitawa, na dama ya zama na bayani. Haka ake yi da handawut. Daga nan gaba kuma ya riƙa shiga aji da shafukan da ya riga ya ja wa layi, yana rubutu a babban gurbi kaɗai, gurbin hagu da na ƙasa su kasance babu komai har sai ya koma masauki.

Gurbin tambayoyi

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a cika gurbin hagu da kanun magana. Ɗalibi ya rubuta "Nafata" a gefen dunƙule na uku, "Hijira" a gefen na huɗu, shafin ya yi kyau a ido, amma idan ya rufe babban gurbi ya dubi kalmar "Nafata", abin da zai faru shi ne ya ce a ransa ai na san shi, ya wuce. Kalmar ba ta nemi komai daga gare shi ba. Sanin cewa an taɓa ganin abu daban yake da iya fito da shi daga ka, kuma jarrabawa na biyun take nema. Gwajin da za a yi wa kowace tambaya shi ne: shin akwai yadda za a yi in kasa amsa wannan tambaya? Idan babu yadda za a kasa amsa ta, to ba tambaya ba ce. "Waɗanne abubuwa uku ne Nafata ya hana?" tambaya ce da za a iya kasa amsawa, domin wanda ya kawo biyu ya san ya gaza da ɗaya. Sanya adadi a cikin tambaya yana da wannan amfani, yana hana mutum ya yaudari kansa da rabin amsa.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, wato tambayar da take ɗauke da amsarta. Idan aka rubuta "Me ya sa hana rawani da lulluɓi da wa'azi ya ɓata wa jama'ar Shehu rai?", an riga an zubar da jerin da ake so a tuna. Haka nan tambayar da ake amsawa da i ko a'a, kamar "Shin Shehu ya karɓi kyautar Bawa?", ba ta da amfani, domin ko wanda bai halarci laccar ba zai iya cankar amsarta. A mayar da ita "Me Shehu ya nema a Magami maimakon dukiya? (5)".

Kuskure na uku ya fi waɗannan ɓoyuwa, kuma ɗalibai masu ƙwazo ne suka fi faɗa masa. Shi ne dukkan tambayoyin shafi su zama na "wace shekara" da "wane ne" da "ina ne". Irin waɗannan suna da sauƙin rubutawa da sauƙin amsawa, kuma ana bukatarsu, amma malamin tarihi ba zai tsaya a kan shekarar hijira ba, zai nemi a bayyana abin da ya kai ga hijirar. Don haka a kowane shafi ya kamata a sami aƙalla tambaya ɗaya wadda amsarta ba ta kwance a dunƙule guda, sai an haɗa biyu ko uku. A shafin ɗalibarmu tambayar ita ce: "Wanne daga cikin abin da Bawa ya amince da shi ne Nafata ya warware, wanne kuma ya bari?" Wanda ya zauna ya amsa wannan zai ga cewa Nafata ya bar wa Shehu damar wa'azi shi kaɗai, amma ya soke 'yancin mutane na amsa kiran, ya kuma mayar da rawanin da aka ce a girmama ya zama abin hani. Daga nan zai fahimci cewa dokokin jama'ar suka nufa, wato hana ta ƙaruwa da hana ta bayyana a idon mutane, ba bakin Shehu suka nemi rufewa ba. Wannan fahimta ba ta cikin guntun rubutun da aka fito da shi daga aji, tambayar ce ta haifar da ita, kuma ita ce za ta zama ƙashin bayan amsar jarrabawa. Irin wannan tambaya a rubuta ta a ƙarshen gurbin hagu, a ja mata layi ko a sa mata tauraro domin a bambanta ta da sauran.

Game da yawa, tambaya biyar zuwa bakwai sun ishi shafin A4. Idan sun haura goma, ko dai ana tambayar abin da bai kai a tambaya ba, ko kuma shafin ya cushe har yana bukatar a raba shi biyu. Kowace tambaya ta tsaya daidai da layin farko na amsarta.

Akwai kuma batun harshe. Yawancin ɗalibanmu da Turanci ko Faransanci ake koyar da su, kuma da shi za su rubuta jarrabawa, saboda haka tambayoyi da kalmomin fanni su kasance cikin harshen jarrabawar. Amma lokacin amsawa yana da kyau a gwada bayyana amsar da Hausa sau ɗaya. Wanda ya iya maimaita jimlar malami da Turanci amma ya kasa faɗin ma'anarta da harshen da yake tunani da shi, sautin jimlar ya haddace, kuma da zarar an sauya fasalin tambaya a jarrabawa zai rasa ta inda zai kama.

Rufewa da amsawa

Da an gama rubuta tambayoyi, a ɗauki wata takarda mai kauri wadda rubutu ba ya bayyana ta cikinta a rufe babban gurbi gaba ɗaya. A karanta tambaya ta farko, a amsa ta da baki a bayyane ko a rubuta a wata takarda, sannan a zame murfin ƙasa a duba. Amsawa a zuci ba ta wadatarwa, domin zuciya takan tsallake wurin da ya yi wuya ta ba mutum jin cewa ya sani, amma baki ba ya iya tsallakewa, inda aka kakare za a ji an kakare. Duk wanda ya yi karatun allo ya san bambancin bin rubutu da ido da kuma kifa allo a kawo hadda, sai dai a nan ba lafazin ake nema ba, ma'anar ake nema cikin kalmomin mai amsawa.

Tambayar da aka amsa daidai a wuce ta. Wadda aka kasa amsawa ko aka kawo rabinta a sa mata ɗigo da fensir a gefe, a karanta amsar, a rufe, a sake gwadawa bayan an gama sauran. Wannan zagaye na farko yana kuma tona asirin tambayoyin da ba su da kyau. Idan aka ba da amsa mai ma'ana amma ta saɓa da abin da ke cikin babban gurbi, sau da yawa tambayar ce take da harshen damo, sai a gyara ta nan take. Shi ya sa ya fi dacewa a rubuta gurbin hagu da fensir a karon farko.

Filin taƙaitawa

Ana rubuta taƙaitawa bayan an yi zagayen amsawa, ba kafinsa ba, kuma ana rubuta ta babban gurbi yana rufe. Santimita 5 ba ta ɗaukar fiye da layi biyar ko shida, wato jimla biyu ko uku, kuma ƙarancin filin da gangan ne. Taƙaitawar da ba ta da amfani ita ce wadda take lissafa batutuwa: "Wannan shafi ya yi magana a kan Degel, Magami, Nafata, hijira da Tabkin Kwatto." Wannan ya faɗi abin da aka taɓo, bai faɗi abin da aka ce ba. Mai amfani ita ce wadda take yanke magana: "Yayin da jama'ar Shehu take ƙaruwa, sarakunan Gobir sun tashi daga sassaucin da Bawa ya yi a Magami zuwa takurawar Nafata, sannan zuwa amfani da ƙarfi a zamanin Yunfa. Wannan ne ya kai ga hijira zuwa Gudu a 1804, inda mubaya'a ta mayar da jama'ar wa'azi ta zama al'umma mai shugaba da runduna." Hanyar gane bambancin ita ce a nemi kalmomin da suke ɗaure dalili da sakamako, irin su "saboda", "ya kai ga", "amma", "yayin da". Taƙaitawar da babu ko ɗaya daga cikinsu, jeri ce kawai.

Idan aka yi ta ƙoƙari taƙaitawa ta ƙi zama cikin jimla uku, a duba ko shafin ya haɗa batutuwa biyu. A misalinmu ana iya cewa dunƙule na biyar, na yaƙe-yaƙe, ya fi dacewa da shafi na gaba, domin shafin farko labarin dalilai ne, kuma taƙaitawar da ke sama ma ba ta bukaci ambaton Alkalawa ba. Kowane shafi yana da taƙaitawarsa, ko da laccar ta ci shafi huɗu, sannan a shafin ƙarshe ana iya ƙara jimla guda da ta ɗinke su.

Bita, da inda tsarin yake gazawa

Shafin da aka gama a ranar Litinin a koma masa washegari, sannan a ƙarshen mako, daga nan kuma sau ɗaya a kowane mako biyu ko uku har zuwa jarrabawa. Kowace komawa rufewa da amsawa ce, ba karantawa ba, kuma minti biyar sun ishi shafi guda idan an saba. A fara da karanta taƙaitawar shafukan da suka gabata a jere domin a ga zaren kwas ɗin, sannan a shiga tambayoyi, a ba masu ɗigo fifiko. Tambayar da ta tara ɗigo uku tana nuna ɗayan abu biyu: ko dai ta yi faɗi sosai har tana bukatar a raba ta, ko kuma ba a fahimci bayanin ba tun asali, wanda maimaitawa ba za ta magance ba sai an koma wurin malami ko littafi.

Tsarin ya fi dacewa da darussan da suke tafiya a kan bayani, dalili da ma'ana, kamar tarihi, shari'a, ilimin halittu da nazarin harshe. A lissafi da kimiyyar lissafi yana bukatar gyara, domin tambaya irin ta "mene ne ƙa'idar kaza" tana koyar da faɗin ƙa'ida ne kawai, ba aiki da ita ba. A nan sai a sa matsalar da malami ya warware a allo a gurbin hagu, matakan warwarewa a babban gurbi, sannan a rufe a warware ta daga farko a wata takarda, filin ƙasa kuma a rubuta alamar da ake gane cewa wannan hanya ce ta dace da matsala, da matakin da aka fi yin kuskure a cikinsa. Inda darasin zane ne, kamar sassan zuciya ko taswira, santimita 15 takan yi kaɗan, don haka a ba zanen faɗin shafi gaba ɗaya, a sa wa sassansa lambobi maimakon sunaye, a jera sunayen a ƙasa inda za a iya rufe su da takarda.